Layuka na ɓacewa tsakanin shafi da shafi a sitatimen ɗin banki

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'a, ina cikin damuwa. Yayana ya rasu wata huɗu da sunka wuce, ɗan kasuwar albasa ne, tsakanin Goronyo da Legas yake harkarshi. Dangi sunka ɗora mani lissafin asusunshi kafin rabon gado, wai ni na yi boko. Banki ya ba da sitatimen na wata 14, shafi 34, da hatimi. Baffa ya riƙe takardun ya tafi da su Illela, ni sikanin kawai anka turo mani ta waya. Na sa OCR, manhajar da ke karanto rubutu daga hoto, ya maida su Excel, na kwana uku ina gyara, amma in na tara shiga na cire fita, abin da ke fitowa bai kai ga balas ɗin ƙarshe ba. Tsakiyar shafi lafiya lau, tsakanin shafi da shafi ne abin ke kwancewa. Ranar Juma'a za a zauna, ga marayu biyar. Mi zan yi?

Mai Kafe Emir Yahaya: Allah ya jiƙanshi. Ba ka buƙatar wannan wahala. Buɗe Excel, Data, Get Data, From File, From PDF, ka zaɓi tebur duka ka haɗe. Kullum muna yi wa kwastomomi.

Tsohon Akawu: Allah ya gafarta mishi. Mai Kafe, wannan hanyar na aiki ne ga PDF ɗin da banki ya turo kai tsaye, wanda ke da rubutu a ciki. Sikanin hoto ne, Excel zai buɗe bai ga tebur ko guda ba. Ɗan Mabera, ka daina tara jimilla tukuna. Sitatimen na da shaidarshi a jikinshi: balas ɗin kowane layi shi ne balas ɗin layin sama, a cire abin da ya fita, a ƙara abin da ya shiga. In fita na gidan C, shiga na D, balas na E, rubuta wannan a F3 ka jawo shi har ƙasa:

```
=ROUND(E2-C3+D3-E3,2)
```

Duk inda ka ga sifili, layin ya riƙe na samanshi. Inda wani adadi ya fito, can matsalar take, kuma adadin da kanshi zai gaya maka irinta. Ka buɗe gida guda ka rubuta lambar shafin da kowane layi ya fito. Kafin nan ka goge kan tebur da ke maimaituwa kowane shafi, sannan in akwai layin Balance B/F, wato balas ɗin da anka ɗauko daga shafin baya, kada ka bari ya zauna gidan shiga, don zai kumbura jimilla. Turo mana layin ƙarshe na wani shafi da na farkon mai bi mishi.

Hajiya Runjin Sambo: Ɗana kada ka gajiyar da kanka, bankunan ne ke cirewa. Ni bara dubu tamanin na tura wa ɗiyata Kaduna, kuɗi sunka fita ba su isa ba, sati uku ina zarya kafin anka maido. Har yau kuɗin cajin ba su dawo ba.

Ɗan Mabera: Na yi Malam. Shafi na 11 ya ƙare da balas 1,482,300.50. Layin farko na shafi na 12 fita ce ta 60,000, balas 1,172,246.75. F ya ba ni 250,053.75. Amma ni na tabbata OCR ɗin ne ke tsallakewa, kuma na biya kuɗinshi, ba na kyauta ba ne.

Tsohon Akawu: To duba wutsiyar adadin. 53.75 cajin turawa ne zuwa wani banki in kuɗin sun haura dubu hamsin: naira 50 da harajinta 3.75. Ke nan abin da ya ɓace turawa ce ta 250,000 da cajinta, layi biyu, ko uku in bankin na raba haraji daban. Ba kuskuren karanta lamba ba ne. Da lamba guda anka karanta ba daidai ba a gidan balas, za ka ga saɓanin sau biyu jere, guda da ƙari guda da ragi, suna kashe juna. Da fita ce ta faɗa gidan shiga, saɓanin zai zama ninki biyu na kuɗin layin. Naka ya fito sau guda, a bakin shafi.

Yanzu buɗe hoton shafi na 11 da idonka, ka ga ko 250,000 ɗin na nan. Ina zargin babu. Takardar banki A4 ce, tsawonta milimita 297. Injinan sikanin da yawa na zuwa a saite kan Letter, mai 279. Milimita 18 ke nan ake yankewa daga gindin kowane shafi, kuma wannan ya isa ya cinye layi biyu zuwa uku. Duba File, Properties a PDF ɗin. In ka ga 8.50 x 11.00 maimakon 8.27 x 11.69, magana ta ƙare. Ba OCR ɗin da zai karanto abin da ba a ɗauka hoto ba, ko nawa ka saye shi. A sake sikanin kan A4, 300 dpi, a cire fil ɗin da ke kusurwa.

Malamar Lissafi: Malam Akawu, da izininka, F ɗin nan ba ya kama komai da komai. Abin da Hajiya ta faɗa ma misali ne. In kuɗi sunka fita sannan anka maido su, layukan biyu sunka faɗa cikin abin da anka yanke, balas zai dawo yadda yake, F ya nuna sifili alhali layi biyu babu. Ƙanena, duba kan shafin farko, galibi akwai Total Debit da Total Credit, wasu bankuna har da adadin layukan. Ka gwada jimillar C da ta D kowace daban da su.

Tsohon Akawu: Gaskiya ne, amma irin wannan bai taɓa rabon gado, tunda sifili ne.

Malamar Lissafi: Yana taɓawa in fitar ta tafi ga mutum guda, shigar kuma ta zo daga wani daban. Dubu ɗari ta biyan bashi da dubu ɗari ta cinikin albasa ba abu guda ba ne wurin magada.

Abu Arkilla: Ni fa ban gane ba, wa anka tura wa dubu ɗari biyu da hamsin ɗin? Ku bincika da kyau. Haka anka yi muna lokacin gadon tsohonmu, har kotu munka kai.

Ɗan Mabera: Don Allah Abu kada a kai maganar can. Malam, na duba, 8.50 x 11.00 ne, lambar shafi ma ba ta fito ƙasa ba. Amma ba ni iya ce wa Baffa ya sake, ɗanshi ne ya yi sikanin, zai ɗauka zarginsu nake. Tunda F na ba ni adadin da ya ɓace, ba sai in cike da hannu ba? Shafi 19 ne kawai ke da saɓani.

Tsohon Akawu: Adadi za ka cike, ranar fa? Sunan wanda ya karɓa fa? Shafi na 11 ya yi maka sauƙi don caji ya tona shi. Wani shafin fita biyu ce da shiga guda a dunƙule, ba ka iya warware su da hasashe. In dole ne, rubuta layi guda ka sa mishi "ba a gani ba, shafi kaza" da launi daban, kada ka ƙirƙiri bayani. Mafi sauƙi, wani ya ɗauko maka hoton rabin ƙasan shafukan da waya, har da layi biyu da kake da su don ka gane mahaɗa.

Mai Kafe Emir Yahaya: Ko wanda ya karɓo na farko ya koma reshen ya nemi a turo ta imel, sai hanyata ta yi aiki.

Ɗan Mabera: Baffa ne ya karɓo. Zan dai cike sha taran nan daren yau in ga yadda jimillar za ta kasance.

Malamar Lissafi: Sauran shafukan da F bai yi ƙara ba fa? Su ma an yanke gindinsu. Ka gwada da Total Debit ɗin?