An maido mini da rahoton hatsari, wai hukunci na rubuta

Sabitu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da masu aikin dare a wata masana'anta. Shekaranjiya bel ɗin inji ya kama hannun wani ma'aikacina. Na rubuta: "Saboda sakacinsa ya cusa hannu a inji yana aiki, ya karya yatsu biyu." Manaja ta maido mini, ta ce wannan hukunci ne, ba rahoto ba. To ai gaskiya na faɗa. Ina kuskuren?

Anti Larai: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ƙanena, kana wurin lokacin da abin ya faru? Kuma wa ya ce maka karaya ce?

Sabitu: Ina ofis, Anti. Ihu na ji na fito a guje, wajen ƙarfe 2:15. Abokin aikinsa ne ya ce kwali ya maƙale, ya sa hannu zai ciro. Yatsun kuwa na gan su sun kumbura suna jini.

Anti Larai: To ka gani, kusan duk abin da ke cikin jimlarka ba idonka ne ya gani ba. Ba ka ga shigar hannun ba, labari aka ba ka. Karaya kuma sai likita ya ɗauki hoton ƙashi zai tabbatar. "Sakaci" ita ce mafi nauyi, don da zarar ta hau takarda an rufe bincike, ba wanda zai ƙara tambayar abin da ya sa hannun mutum ya iya kaiwa ga bel. Ga yadda zan rubuta:

"Da misalin ƙarfe 2:15 na dare na ji ihu daga wajen injin. Na iske wane a tsaye yana riƙe da hannunsa, yatsu biyu sun kumbura suna zubar da jini. Abokin aikinsa wane ya shaida mini cewa kwali ya maƙale, wane ya sa hannu don ya ciro shi, injin yana aiki."

Sai ka cike sauran: hannun dama ko hagu, waɗanne yatsu, wa ya kashe injin, wa ya ɗaure raunin, ƙarfe nawa aka tafi asibiti. Kowace jimla ka tambayi kanka, na gani ne ko an faɗa mini? In an faɗa maka, sa sunan mai faɗar. Af, bel ɗin ba shi da murfin kariya ne?

Sabitu: Yana da shi, amma makaniki ya cire tun ranar Litinin da ya yi gyara. Na gan shi jingine da bango a daren.

Anti Larai: Subhanallah. Wannan ai shi ne ƙashin bayan rahoton, kuma babu shi a takardarka! Rubuta: "Lokacin da na isa, murfin kariyar bel ɗin ba ya jikin injin, yana jingine da bango." Kada ka ƙara cewa laifin makaniki ne, sai ka koma gidan jiya. In akwai littafin gyara, ambaci ranar da aka rubuta a ciki, ka haɗa da hoto idan ka ɗauka.

Malam Habu: Ni shawarata ka taƙaita, yawan bayani ke jawo wa mutum tambayoyi. Ka ce "an samu hatsari, an ji rauni, an kai asibiti." Babu wanda ka ɗora wa laifi, shi ke nan.

Anti Larai: Malam, rashin ɗora laifin na yarda da kai. Amma "an yi, an yi" ɗin nan ɓoyewa ce. Barin maganar murfin ma ɗaukar ɓangare ne, kuma gobe wani hannun bel ɗin zai kama.

Maman Iman: Mijina ya faɗo daga tsani a wurin aiki, aka rubuta "ya zame" kawai, ba wanda ya tambaye shi. Ƙafar tsanin a lanƙwashe take, amma da ya faɗa daga baya sai aka ce ba ta cikin rahoto. Don Allah Sabitu ka je ka ji ta bakin yaron, ka rubuta yadda ya faɗa, ka karanta masa kafin ya sa hannu.

Ɗanjuma: Kuma ka tambayi shaidu ɗaya bayan ɗaya. In ka tara su, bakinsu zai zama ɗaya. Tsohuwar takardar kada ka yaga ta, ka sa wa sabuwar kwanan watan da ka rubuta ta.

Sabitu: Na gode ƙwarai. Saura abu ɗaya. A daren ya riga ya yi awa 11 a bakin aiki, don ya karɓi na wani. In sa?

Anti Larai: Sa lokacin da ya kama aiki kamar yadda yake a rajista. "Ya gaji" kuma kada ka rubuta, sai in shi ya faɗa da bakinsa.

Malam Habu: Wannan kam ban gamsu ba. Fom ɗin bai tambayi awanni ba, kuma wa ya amince ya karɓi aikin wani? Ba kai ba ne?

Sabitu: Ni ne, Malam. Gobe da safe zan je asibiti in fara jin ta bakinsa.