Iblis mala'ika ne ko aljani? Amsa sai da baiti

Mai Shayin Agege:
Slm jama'a, jiya gardama ta kaure a teburina har tukunyar ruwan zafi ta ƙafe ban sani ba, ga ta nan, ƙafiya "wa" ce.

Mala'iku aka ce wa su yi wa Adamu sujada,
To me ya sa Iblis cikin tsawatarwa?
In aljani ne ai kiran bai hau kansa ba,
In mala'ika ne yaya ya iya bijirewa?

Na Mile 12:
Wannan ai mai sauƙi ce mai shayi.

Shugaban mala'iku ne shi tun farko,
Haka muka ji tun muna riƙe da allo,
Girman kai ne ya kai shi ya baro,
Aka mai da shi aljani don hukuntawa.

Alaramma Idi-Araba:
Na Mile 12 ka kama rabi ka saki rabi, girman kan gaskiya ne amma zancen an mai da shi aljani daga baya ban ga inda aya ta faɗa ba, saurara.

Buɗe Kahfi aya ta 50 ka duba,
Ya kasance daga aljanu, ba a ɓoye ba,
Sannan ya fice daga umarni ya saɓa,
Asalin aka fara faɗi kafin fanɗarewa.

Shi da bakinsa ma ya tona asiri,
A A'arafi ya ce na fi shi, yana fahari,
Ni da wuta ka yi ni, shi da laka tun fari,
To mala'ika da wuta ina suka yi gamuwa?

Nana A'isha ta ruwaito, Muslim ya kawo,
Da haske aka halicci mala'iku tun farko,
Aljan kuwa daga harshen wuta ya fito,
Kowa da tushensa, ba a cakuɗawa.

Kahfin nan dai ta ce yana da zuriya,
Mala'ika ba ya aure bare ya haifi ɗiya,
Tahrimi aya ta 6 ta gama magana gaba ɗaya,
Abin da aka sa su shi suke aikatawa.

Saura ƙafarka ta farko mai shayi, wato yaya kiran ya hau kansa, to ai a A'arafi 12 Allah cewa ya yi me ya hana ka sujada alhali na umarce ka, kuma ka lura Iblis da duk taurin kansa bai ce ni ba a sa da ni ba, hujjar wuta da laka ya kawo. Ga misali na gida.

In Sarkin Hausawan Agege ya yi shela,
Hausawa ku fito gayya a kwashe bola,
Babarbaren zango ba shi da wata hila,
Tare ake zaune, kiran ya haɗa da kowa.

Maman Hafsa Ojo:
Allah gafarta malam ni ma can na karkata, amma kar a rufe ƙofa a jefar da makulli a kogin Ikko, yaran da nake koya wa a islamiyya za su girma su buɗe tafsiri su ga wani abu daban su ce mun ɓoye musu.

Ɗabari babban malamin tafsiri,
Ya kawo daga Ibnu Abbas tun fari,
Wani dangin mala'iku ne, jinnu sunansu na asiri,
Shi kansa Ɗabarin nan yake karkatawa.

Hasanul Basari ya ce sam ba haka ba,
Ko ƙiftawar ido bai taɓa zama mala'ika ba,
Magabata biyu ga su ba su haɗu ba,
Mu rinjayar da ɗaya ban da kafirtawa.

Alaramma Idi-Araba:
Gaskiyarki malama, saɓanin tsoho ne, Hasan ya rasu 110 bayan hijira Ɗabari 310 kuma har yau ana yi. Na tsaya kan na Hasan ne don mai ɗaya maganar sai ya nemo wa zuriyar nan da wutar nan mafita, ni kuwa ba ni da wannan aikin.

Maigadi Lekki:
Ni ban gane wannan na su Ɗabari ba wlh, tawa matsalar daban ce, daren Laraba wajen ƙarfe 3 an ɗauke wuta janareto ya ƙi tashi ina zaune bakin get da tocila sai ga mutum dogo fari fat da kaya har ƙasa ba takalmi, na yi sallama bai amsa ba, na miƙa masa burodin da ke hannuna don in gwada shi ya kau da kai ya yi hanyar teku.

Na ji baƙin Annabi Ibrahim ba su ci ba,
Shi ma nawa baƙon ko taɓawa bai yi ba,
Wani mai magani ya ce aljani ne ba mala'ika ba,
Ya karɓi dubu 5, wai arziki na tahowa.

Na Mile 12:
Hhhh maigadi kai ma dai.

Fararen kaya ba takalmi tsakar dare,
Ya nufi bakin teku yana tafe a gaggauce,
'Yan cocin fararen riga ne ka tare,
Sallamarka da burodinka ne suka ba shi tsoro, ya sa gudu har da waiwayawa.

Baitin ƙarshe ya yi tsawo na sani, ku yi haƙuri ina kan lodin tumatir ne.

Alaramma Idi-Araba:
Maigadi ƙissar da ka ji gaskiya ce, tana Hudu 69 da 70, amma ka juya ta baibai.

Ɗan maraƙi gasasshe ya ajiye gabansu,
Ya ga hannu ba ya kaiwa, ya ji tsoronsu,
Sai da suka faɗa da baki aka aiko su,
Annabi ne fa, bai gane su da kallo ba sai da sanarwa.

Mala'ika ba ya ci, wannan mun riƙe,
Amma ba duk mai ƙin burodi ne da fiffike,
Aljani kuwa yana ci, hadisi na nan a ajiye,
Ƙashi abincinsu ne, an hana mu tsarki da shi don kiyayewa.

Dubu biyar ɗinka ce ta fi ci min rai. Je ka Saba'i aya ta 14.

Annabi Sulaiman ya rasu a jingine da sanda,
Aljanu na ta aikin wahala, ba su san ya rasu ba ko ɗaya,
Sai da gara ta ci sandar ya faɗi a gabansu,
Wanda bai ga mutuwa a gabansa ba, ina ya ga arzikinka na zuwa?

Akwai na kirki a cikinsu akwai akasin haka, su suka faɗa da kansu a suratul Jinni 11, amma su Inna da Ɗan Galadima da garuruwansu da sarautunsu wannan na masu bori ne, ba aya ba hadisi. Ko a ɓangaren mala'iku ma sunan Azara'ilu da muke ta faɗa babu shi a Alƙur'ani, Malakul Mauti aka ce a Sajada 11.

Maigadi Lekki:
To ni dai ƙafarsa ban ga tana taɓa ƙasa ba, tocilar ce dai batir ya yi sanyi. Kuɗin kuma zan koma in karɓo.

Mai Shayin Agege:
Alaramma shayi da ƙwai biyu na jiran ka kyauta, Maman Hafsa a aiko yaro ya karɓi naki, amma wani direban tirela a nan ya sake ɓallo wata.

Haruta da Maruta na Babila fa,
Baƙara 102 ta ambace su ai da kanta,
In mala'iku ne me ya haɗa su da sihiri,
Ko su ma akwai wata Kahfin da za a buɗe a karanta wa kowa?

Alaramma Idi-Araba:
Ina cikin danfo gosulo ya riƙe mu a Mushin caji saura 4, ka riƙe min direban nan kar ya tashi sai bayan isha'i.