Ya kira ni "manomin takarda" a gaban jama'a, me zan ce ran Asabar?

Matashin Dadin Kowa: Assalamu alaikum. A zaman ƙungiyarmu ta manoman rani na tashi na ce a daina watsa takin yuriya a saman ƙasa, a riƙa binne shi, don yana bin iska. Sai wani mutum da ban taɓa gani ba ya ɗaga murya: "Ku ji manomin takarda! Taki ma yanzu fiffike ya yi?" Wuri ya kaure da dariya. Jikina ya hau ɓari, na yi ta bayani har shugaba ya ce in zauna. Ran Asabar akwai wani zaman, an ce zai zo. Yaya zan amsa a taƙaice ba tare da raina ya ɓaci ba?

Ɗan Jekadafari: Rama masa kawai, abokina. Ka ce wanda bai iya karanta abin da ke jikin buhu ba shi ke tsoron takarda. Irin waɗannan in ka ƙyale su gobe a kanka za su zauna.

Baba malamin gona mai ritaya, Kumo: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka bi ta Ɗan Jekadafari. Rabin dattawan da ke zaune a wurin su ma ba sa karanta boko, ka ga da jifa ɗaya ka zagi mutanen da kake so su saurare ka.

Abu na farko, kada ka yi magana a cikin dariya. Dariyar taro ba ta daɗewa, in ba a ƙara mata itace ba da kanta take mutuwa. Wanda ya soma bayani tana tsaka dole ya ɗaga murya, murya kuwa in ta ɗagu a lokacin da zuciya ke bugawa rawa take yi, kowa ya ji. Ka tsaya yadda kake, ka haɗa hannuwanka a baya don kada a ga ɓarinsu, ka saki numfashi a hankali ta baki, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Sau biyu ko uku ya isa. Kafin ka gama wuri ya yi tsit, ido ya dawo kanka.

Sannan shugaba za ka fuskanta, ba shi ba. Da zarar ka juya ka ce "kai", zancen taki ya ƙare, ya koma ni da kai, jama'a kuma sun gyara zama don kallo. Ka ce: "Ranka ya daɗe, 46 ɗin da aka rubuta a jikin buhun yuriya shi ne sinadarin da muke saya da kuɗinmu, kuma in ya kwana biyu a saman ƙasa mai ɗumi da ɗan danshi, wani kaso nasa tashi yake yi. Ni na ba da fangali biyu a gonata, a watsa a ɗaya, a binne a ɗaya, kowa ya zo ya duba." Ka zauna. Jimla biyu ke nan, ta farko dalili, ta biyu gwaji. Kada ka ambaci makarantar da ka yi ko takardar da ka samo, don ita ya tsokana, in ka kare ta ka nuna masa inda yake maka ciwo. In ka ji bakinka ya fara "kuma ma dai", to ka wuce gona da iri.

Hajiya, Bolari: Ni wai nawa ne buhun yuriya yanzu a Gombe? Maigida yana son saye kafin ya ƙara tashi.

Malam, unguwar Pantami: Hajiya, ba zancen farashi ake yi ba. Malam matashi, Suratul Furƙan aya ta 63 ta siffanta bayin Allah da cewa in jahilai sun yi musu magana, sai su amsa da maganar aminci. Ya kuma zo a hadisi cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, kuma ya nemi tsari daga Shaiɗan. Ni a ganina kada ka ce komai ran Asabar. Shiru ma amsa ce.

Baba malamin gona mai ritaya, Kumo: Allah ya gafarta Malam, zama da neman tsari na yarda da su, ni ma su nake yi. Amma shiru gaba ɗaya a taron manoma fassararsa ita ce yaro ya gane ba shi da gaskiya, sai kowa ya koma ya ci gaba da watsa takinsa. Da mutuncinsa kaɗai aka taɓa, da na ce ya yi shiru. Nan akwai kuɗin mutane a ciki. Ya faɗa sau ɗaya, in mutumin ya sake jefo wata, a nan ne shirun Malam zai yi aiki, tsawatarwa kuma ta shugaba ce.

Manomiyar albasa, Kwadon: Ƙanena, kada ka ji haushina, amma mutumin nan bakinsa ne ba daɗi, ba lallai ne gonarsa ta ƙaryata shi ba. Mu 'yan rani da yawanmu muna watsawa da yamma mu saki ruwa nan take, ruwan ya narkar da takin ya shiga da shi ƙasa. Mai yin haka asararsa kaɗan ce. Wanda ke asara shi ne mai watsawa ya bari sai jibi in ya samu man injin ban ruwa, har ka shiga gonar ka ji ɗan wari mai hawa hanci. In ka tashi ka ce kowa kuskure yake yi, wanda ya shekara yana cika buhu dole ya yi maka dariya. Ka fara ba shi nasa: "Wanda ke sakin ruwa nan take ba da shi nake ba." Ni a wani zama wata ta ce min me mace ta sani game da iri, na ce mata ta zo rumbuna bayan wata uku. Ba ta zo ba, amma maƙwabtanta biyu sun zo.

Direba, Tashar Dukku: Ka dai bincika ko abokin wasanka ne. In kai Bafulatani ne shi Babarbare, ai wannan gaisuwa ce, dariya za ka yi ka ce taki ya yi fiffike ya bi kuɗinsa.

Matashin Dadin Kowa: Ba wasa tsakaninmu, ko sunana bai sani ba. Na gode Yaya, zan sa zancen ruwan a jimlar farko. Amma Baba, mutumin ya kusa sa'an mahaifina. In same shi kafin zama mu gaisa, ko zai ɗauka tsoro na ji?

Baba malamin gona mai ritaya, Kumo: Ka gaishe shi a bakin ƙofa kamar yadda za ka gaida kowane dattijo, kada ka taɓo zancen. Ka kuma sanar da shugaba tun da wuri cewa kana da magana ta minti ɗaya, don ya kira ka da kansa.

Malam, unguwar Pantami: Ni dai har yanzu ina ganin ya bar fangalin ya fara nunawa tukuna, ko da zaman wata mai zuwa ne.

Manomiyar albasa, Kwadon: Malam, kafin wata mai zuwa ai an gama zuba taki na biyu.