Keken yaro mai ƙafa uku: kuskure ne ko neman magana?

Ummi: Na rubuta sanarwa na ce "Ana sayar da keken yaro mai ƙafa uku." Yayata ta gani ta yi ta dariya, wai ina aka samo yaro mai ƙafa uku. Ni na ce wannan matsalar Turanci ce, a Hausa babu ita, kowa ya san keke ake nufi. Waye da gaskiya a cikinmu?

Ɗanlami: Ke ma kin ja wa kanki. Keke ai taya gare shi. Ki ce "mai taya uku", shi ke nan magana ta ƙare. Babu yaron da aka taɓa haifa da taya.

Bala: Ni ina bayan Ummi. Haka muke magana kullum. Rigar Audu sabuwa, gidan malam babba, wayar yarinyar nan mai tsada. Abin mallaka da mai shi suna fara zuwa, sifa ta biyo baya. Wanda ya ji yaro mai ƙafa uku a wannan jimla neman magana kawai yake yi.

Malam Iro: Bala, tsarin da ka faɗa Hausa ne tsantsa, ba wanda zai musa maka. Amma dubi misalanka da kyau. A "rigar Audu sabuwa" me ya hana rikici? Jinsi. "Sabuwa" ta mace ce, Audu namiji ne, don haka dole ta tsallake shi ta koma kan riga. To "gidan malam babba" fa? Gidan ne babba ko malamin? Ka kawo mana harshen damo da hannunka ba ka lura ba.

Haka abin yake da jimlar Ummi. Keke namiji, yaro namiji, ita kuwa "mai" ba ruwanta da jinsi, takan hau mace ta hau namiji. Tunda babu abin da ya ɗaure ta, sai kunne ya manna ta da sunan da ya fi kusa da ita. Ummi, rufe kalmar "keken" da yatsa ki karanta abin da ya rage. Abin da yayarki ta karanta ke nan.

Ummi: Na rufe, Malam, na kuma ga yaron. To amma ai ba zan ce "keken mai ƙafa uku yaro" ba. Ina zan kai ta?

Malam Iro: Ba za ki iya cusa komai a tsakani ba muddin wannan "n" ta ƙarshen "keken" tana riƙe da yaro. Sai kin kwance ta tukuna, ki mayar da ita "na" mai zaman kanta. Daga nan wuri ya buɗe: "Ana sayar da keke mai ƙafa uku, na yara." Bayanin ya zauna a gefen kekensa, yaran sun koma baya.

Akwai wata hanyar da ba sai kin motsa komai ba. Ki mayar da yaro jam'i: "keken yara mai ƙafa uku." Da yaran ake nufi, da "masu" za a ce. Tunda "mai" ce, keke kaɗai za ta iya hawa.

Ɗanlami: To ni da na ce taya, ban gyara ba ke nan?

Malam Iro: Ka kashe dariyar, amma ginin jimlar yana nan yadda yake. Sa'a ka ci da taya ba ta dace da yaro ba. Ran da bayanin ya dace da sunayen duka biyu, wannan dabarar ba za ta fisshe ka ba.

Hajiya Talatu: Wallahi irin wannan ta taɓa cin mu, kuma babu dariya a ciki. Wata ƙungiya da nake yi wa sakatariya, na rubuta a rahoton taro: "An sallami mataimakin shugaban da ya karkatar da kuɗin." Ni mataimakin nake nufi. Washegari da sassafe shugaban ya kira ni, muryarsa har rawa take yi, yana tambayar yaushe ya zama ɓarawo. Na ɗauko takardar na sake karantawa, sai ga shi ɓaro-ɓaro: "shugaban da ya karkatar da kuɗin." Mutum uku sun riga sun karanta haka.

Bala: Hajiya, da kin sa waƙafi bayan "shugaban" ai da an huta.

Hajiya Talatu: A taro na gaba da baki ake karanta rahoton, Bala. Wa zai ji waƙafi? Kuma ko a takarda na gwada. "Mataimakin shugaban, wanda ya karkatar da kuɗin": wanda ɗin wa? Su biyun duk maza ne. Da mataimakiya ce, da "ta karkatar" ta raba gardama ba tare da na sha wahala ba. A ƙarshe raba jimlar na yi gida biyu: "Mataimakin shugaba ya karkatar da kuɗin ƙungiya. An sallame shi." Da na sa shi a gaban aikatau, babu wanda ya rage a tsakaninsa da laifinsa.

Bala: Na yarda da ta Hajiya, don suna ne na mutum. Amma ta keke har gobe ban ga laifinta ba. Mai saye ya gane, me ya rage?

Saude: Ni dai abin da na ɗauka shi ne a jawo bayanin gaba, ko? Jiya na gyara wa ƙanena irin haka. Ya rubuta "Manajan ya ce za a biya albashi ranar Litinin", alhali ranar Litinin manajan ya yi maganar, bai faɗi ranar biya ba. Na mayar masa da ita "Ranar Litinin manajan ya ce za a biya albashi."

Ɗanlami: Saude, ni da na karanta gyaranki, har yanzu Litinin nake sa ran kuɗi.

Saude: Ta yaya? Ga ta nan kusa da "ya ce".

Malam Iro: Ɗanlami ya yi gaskiya a wannan karon. A Hausa in muna son ƙarfafa abu, gaban jimla muke kawo shi, ko da daga can ƙarshe muka ɗauko shi. Wani ya tambaye ki, "Yaushe manajan ya ce za a biya?" Amsarki ita ce daidai wannan jimlar da kika rubuta. Kin ga ke nan jawowa gaba bai raba Litinin da biyan ba. Sai kin ba ta aikatau nata na kanta: "Da yake magana ranar Litinin, manajan ya ce za a biya albashi." In kuwa ranar biyan ake nufi, a ce "ranar Litinin mai zuwa", don abin da aka riga aka faɗa ba ya faruwa a rana mai zuwa.

Saude: Ban gamsu gaba ɗaya ba, Malam. In na ce "A ranar Litinin, manajan ya ce...", na ɗan numfasa bayan Litinin, ni kunnena maganar yake ji, ba biyan ba.

Hajiya Talatu: Ni ma haka nake ji in an numfasa. Amma ma'aikacin da ke jiran albashi ba zai numfasa ba.

Ummi: Na canja sanarwar zuwa "keke mai ƙafa uku, na yara". Yanzu kuma yayata tana tambaya ko yaran za su yarda a sayar musu da keke.

Bala: Kun gani ko? Na gaya muku neman magana take yi.