Mutumin kirki ne, amma ba nawa ba: yaya ake sallama?

'Yar Gusau: Sati uku ke nan muna hira da wani bawan Allah a WhatsApp, ƙanwar babana ce ta ba shi lambata. Ban ga aibinsa ba, kullum sai ya tambayi jikin Inna. Amma ya faɗa sau biyu cewa matarsa ba za ta yi aiki ba, ni kuwa shekara ɗaya ta rage min in gama karatun ungozoma. Yau kwana biyu ina ganin “barka da asuba” ɗinsa ban buɗe ba. Nauyinsa nake ji. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya ya fita?

Anti ta Jega: Ƙanwata, ki rubuta masa yau, kar ki kai gobe. Ni sau biyu na yi, kuma na biyun ne ya koya min. Na farko cewa na yi, “Yanzu karatu ne a gabana.” Sai ya ce zai jira. Ya kuwa jira, wata bakwai yana aiko min da kati, don duk uzurin da ke da “yanzu” a ciki, ranar dawowa kika sa masa. Na biyun ga abin da na tura:

“Assalamu alaikum Malam. Na gode da mutuncin da ka nuna min. Na yi tunani sosai, na ga tafiyarmu ba za ta zo ɗaya ba a maganar aure, kuma ba na so in ɓata maka lokaci. Allah Ya haɗa ka da mafi alheri.”

Layi huɗu, da rana tsaka, ba ƙarfe ɗayan dare ba. Ya tambayi dalili, na amsa sau ɗaya. Da ya sake tambaya sai na ce, “Maganar dai ita ce wadda na faɗa, ka yi haƙuri.” Daga nan na daina amsawa, kuma wannan shirun ba wulaƙanci ba ne tunda an riga an yi sallama. Ke kuma da yake ta hannun gwaggonki ya zo, ki sanar da ita ranar, kafin ya kai mata ƙara ta ji a bakinsa.

Na Kaura: Ni aka yi wa shirun, bari in faɗa muku yadda yake. Saƙo ya nuna alama biyu, ba amsa. Na ce ko wuta ce babu, ko wayarta ta lalace. Da ta kwana huɗu na fara tunanin ko wani abu ya same ta a hanya, kun san halin hanyoyinmu. Har na sa ƙanwata ta kira ta. Sai ga ta ta ɗora hoton biki. Wallahi da ta ce min “ba na yi”, da kwana ɗaya zan yi jinya in warke.

Maman Biyu: Ki ce kawai kin yi istihara ba ta yi kyau ba. Babu namijin da zai ja da wannan.

Anti ta Jega: In ta yi istiharar da gaske, to. In ba ta yi ba, kar a jingina ƙarya da sallah. Kuma ana ja, wani cewa zai yi a sake, ko ya kawo miki malaminsa.

Ɗan Argungu: Ni tamu gwajin jini ne ya raba. Ni AS, ita AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Muka yi kuka muka haƙura, har yau muna gaisawa da Sallah. Ki ce ya je ya yi gwaji mana.

'Yar Gusau: Yaya, ni AA ce, ba nan matsalar take ba. Abin da nake tsoro shi ne in na ambaci aikin ya ce ya amince, alhali na ji ra'ayinsa na gaskiya tun farko.

Na Kaura: To kar ki faɗi dalilin. Amma ni da za a tambaye ni, na fi son in ji.

Anti ta Jega: A nan muka bambanta. Dalilin da mutum zai iya cewa “na gyara”, ciniki yake buɗewa. Ya taɓa ba ki wani abu?

'Yar Gusau: Turare ɗaya, ta hannun Gwaggo, ko ledar ban cire ba. In mayar, ko mayarwar ce za ta fi yi masa ciwo?