Kwan fitila ba ya cinye karent: da wane misali zan gamsar da 'yan SS1?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum malamai. Ranar Talata zan shiga darasin karent da 'yan SS1. Abin da ke ba ni wahala kowace shekara shi ne yara sun riga sun ɗauka batir wani mazubi ne cike da wuta, waya ta kwaso ta kai wa kwan fitila, kwan ya cinye. Ko na rubuta V = IR sun haddace, wannan tunanin yana nan daram. Misali ɗaya nake nema wanda zan faɗa da baki su gani a ransu. Ba mu da ɗakin gwaji.

Malam Nasiru: Wa alaikis salam. Tankin ruwa da bututu mana. Tsayin tanki boltej, gudun ruwa karent, ƙuncin bututu resistans.

Hajiya Binta: Da shi aka koya mana mu ma.

Malam Garba: Malama, don Allah ki dakata da tankin nan, ki ji abin da na gani. Na taɓa gadar wani ajin SS2 da aka koya wa lantarki da tanki tun suna ƙasa. Lissafi suna yi lafiya lau. Sai na zana batir da kwai biyu a jere, na ce wanne zai fi haske. Kusan duk ajin suka ce na kusa da batir, wai shi yake fara sha, na biyun sai ragowa. Na ce daga ina kuka samo wannan? Suka ce ai haka ruwan famfo yake a unguwa, gidan farko ya cika jarkokinsa, na ƙarshen layi ya samu ɗigo. Kuma gaskiyarsu ne a kan ruwan. Ruwan da yaro ya sani yana fita daga tanki ya zube a bokiti, ba ya komawa. Tankin yana raguwa har ya ƙare. In bututu ya fashe ruwa ya malale. Duk ukun nan lantarki ba ya yin su. Wata yarinya har ta tambaye ni ko soket ɗin da aka bari a kunne ba a jona komai ba wuta na zuba a ƙasa. Na kwashe zango guda ina warware abin da misalin ya ɗaure.

Abin da nake yi yanzu igiya ce. Ki samo igiya mai laushi kamar mita 10, ki haɗa bakinta biyu ta zama zobe. Yara takwas su tsaya a da'ira, igiyar tana kwance a tafin hannunsu, ba su damƙe ba. Ke ce batir. Ki fara jan ta hannu bayan hannu tana zagayawa. Kafin ki ce komai ki tambayi wanda ya fi nisa da ke yaushe ya ji ta motsa. Zai ce nan take. Sai ki ce da su igiyar nan ita ce ilektaron, kuma tun kafin in taɓa ta tana hannunku, ba ni na kawo ta ba. Haka waya take cike da ilektaron ɗinta tun tana shago, batir turawa kawai yake yi.

Daga nan ki sa yaro ɗaya ya ɗan matse igiyar tana wucewa. Hannunsa zai yi ɗumi. Shi ne kwan fitila. Ki tambaye shi ko igiyar da ta fita daga hannunsa ta gaza wadda ta shiga. Zai duba ya ce a'a. To me ya ƙare? Ki ci gaba da ja har su ga kin fara gajiya. Ƙarfinki ne yake tafiya ya zama zafi a hannun yaron, igiya kuwa tana nan yadda take. Batir in ya mutu ƙarfin turawarsa ne ya ƙare.

Malama Hadiza: Malam Garba Allah ya saka da alheri. Kwai biyun fa?

Malam Garba: Yaro na biyu ya matse shi ma, ke kuma kada ki ƙara ƙarfin ja. Igiyar za ta rage gudu a ko'ina lokaci ɗaya, gaba da baya. Ki manna jan tef a wuri ɗaya a jikinta su riƙa bin sa da ido, za su ga ba inda yake sauri ba inda yake jinkiri. Ki sauya wa yaran biyu wuri, babu abin da zai canza. Maganar na kusa da batir ta mutu ke nan.

Usman Sola: Malama in batir kike nema ina da na sola 12V masu kyau, zan yi miki ragi.

Hajiya Binta: Usman ba ciniki ake ba, darasi ake shiryawa.

Malam Nasiru: Ni ban yarda a jefar da tanki ba. Laifin mai koyarwa ne. In ka ce famfo ne ke zagaya ruwa a rufaffen bututu, komai ya daidaita.

Malam Garba: Yaro nawa ne a ajinka ya taɓa ganin ruwa na zagaye a rufaffen bututu? Sai ka fara koya masa misalin kafin ka koya masa abin da kake misaltawa.

Malam Nasiru: Ɗan bakanike ya san lagireto.

Oga Ɗanladi: Ni ba malami ba ne, wayarin nake yi shekara da shekaru. Maganar igiya ta yi daɗi, amma a aikace wuta tana raguwa. Taɓa layif ka ji yadda za ta yi da kai, nutural kuwa ko tasta ba ta kamawa. In da abin da ya shiga shi ke fitowa, da nutural ma ta ja mutum.

Dakta Amina: Oga Ɗanladi, abin da ka gani gaskiya ne, amma boltej ka auna ba karent ba. An haɗa nutural da ƙasa tun daga taransifoma, shi ya sa tsakaninta da ƙasar da kake tsaye a kai kusan babu bambanci, layif kuwa akwai wajen bolt 230. Gobe ka jona dutsen guga, ka maƙala kilam mita a layif ita kaɗai, sannan a nutural ita kaɗai. Lamba ɗaya za ka gani. Kuma ka fi ni sanin in nutural ta katse alhali kaya na kunne, ɓangaren da ke wajen kayan yana jan mutum sosai.

Oga Ɗanladi: Wannan na katsewar haka ne, ya taɓa faruwa da yarona. Na mitar kuma sai na gwada da idona, Dakta.

Dakta Amina: Malama Hadiza, ina goyon bayan igiya, ga kuma lambar da za ki ba su bayan sun yi wasan. A wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1, in karent na amfiya 1 yana bi, matsakaicin ci gaban da ilektaron ke yi bai kai milimita ɗaya cikin daƙiƙa goma ba. Kusan santimita 26 ke nan a awa guda. Ki nuna musu rula ki ce bai gama wannan ba a awa ɗaya. Amma kina danna makunni fitila ta kama, don turawar ce ke ratsa wayar da gudun da ya doshi na haske, kamar yadda yaron nesa ya ji motsi ba tare da jan tef ya iso hannunsa ba.

Sai dai ki gaya musu da bakinki inda igiya ta tsaya. Ba ta yin faralel, don igiya ba ta rabuwa biyu ta sake haɗewa. Sannan makunni: yaro zai ce kashe makunni yanke igiya ne, alhali in aka yanke kina iya ci gaba da jan guntun da ke hannunki, a waya kuwa komai tsayawa yake yi. Gara ki ce makunni a kashe kamar wani ne ya damƙe igiyar gam, ko'ina ya tsaya.

Malam Issoufou: Gaisuwa daga Maraɗi. Mu ma mun yi na igiyar. Ƙari ɗaya: ku ja ta gaba ku ja ta baya da sauri, hannun yaron zai yi zafi duk da jan tef bai je ko'ina ba. Wutar gida ke nan, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, a wajenku da wajenmu duka. A nan yara suke gane kuɗin wuta na ƙarfin ne, ba wani abu ake zuba musu a waya ba.

Dakta Amina: Ya yi kyau Malam, amma ba a rana ɗaya ba. Ta bari na batir ya zauna tukuna.

Hajiya Binta: Kada ki yi da igiyar leda. Na ga yaro da tafin hannu ya saluɓe, uwarsa ta zo har ofis. Ta auduga ko ta rama mai laushi, kuma a ja a hankali. Kullin da kika haɗa bakin da shi ma ki ce su buɗe hannu in ya zo.

Malam Nasiru: Zagezagi dai sai an haɗa musu da igiya suke ganewa.

Malam Garba: Bakano ko tankin ma sai ya tambayi nawa jarka kafin ya saurari darasin.

Malam Nasiru: Ai da kuɗin jarkar muke ɗaukar nauyinku.

Malam Garba: Malama kada ki tsaya a igiya kawai. Ki ari maltimita ko wajen mai gyaran waya, ki sa ta a ramin 10A. Batir biyu na tocila, bolt 3, da ƙaramin kwai mai zare irin na da, wanda aka rubuta 2.5V 0.3A a gindinsa. Ki auna kafin kwan, za ki ga wajen 0.3. Ki sa su faɗi abin da suke tsammani bayan kwan, su ɗaga hannu a ƙirga, sannan ki auna. In lambar ta bambanta sosai, duba haɗin wayar, galibi wani wuri ne bai kama ba.

Dakta Amina: In kin ƙara kwai na biyu a jere kada ki yi alkawarin karent zai koma rabi daidai. Zai ragu, amma zai fi rabi, don zaren kwan in bai yi zafi sosai ba resistans ɗinsa yana ƙasa. Yaro mai kaifi zai kama ki da lissafi.

Malama Hadiza: Kwan nan mai zare ya yi wuya yanzu, duk tocilan kasuwa LED ne.

Oga Ɗanladi: Je wajen masu kayan babur ki sayi kwan sigina, 12V 10W. Da batirin babur zai ba ki wajen 0.8. Ki kula kada bakin wayoyin biyu su haɗu, batirin yana narka waya.

Usman Sola: To ga shi an dawo kan batir 12V ɗin nawa.

Malama Hadiza: Usman aro zan yi, ba saye ba. Yara 70 ne a ajin, takwas kawai ke riƙe igiya. Sauran fa?

Malam Issoufou: Fita da su fili. Zobe biyu ko uku, manyan yara su zama batir.

Malam Nasiru: Har yanzu ba wanda ya gaya mini abin da za ta yi makon da ke biye in ta iso faralel. Nan dole ta dawo wa bututuna mai reshe biyu.

Malam Garba: In ta dawo da ruwa, gidan farko da gidan ƙarshe za su dawo tare da shi. Ni a faralel mita nake ɗauka kawai, a auna kowane reshe a tara.

Dakta Amina: A faralel ina ganin Malam Nasiru na da hujja, in dai an riga an kashe maganar cinyewa.

Malam Garba: Ban gamsu ba, Dakta.

Hajiya Binta: Malama Hadiza, akwai igiyar auduga a gidana, ki turo yaro gobe bayan la'asar ya karɓa.