Abin da aka tattauna kan inda masu kallo ke tserewa

Na karanta duk abin da kuka rubuto kan yadda za a gane inda masu kallo ke barin bidiyo a YouTube, ga shi a taƙaice.

1. An yi ittifaƙi a fara duba jadawalin Audience retention a YouTube Studio, wanda layinsa ke nuna kason masu kallon da suka rage a kowane wuri na bidiyo, musamman daƙiƙa 30 na farko. Idan layin ya rufta nan take, gabatarwa ce ta yi tsawo. Wani ya kawo misalin bidiyonsa na minti 8 kan gyaran janareta: sallama, gaishe-gaishe da roƙon a danna Subscribe suka cinye daƙiƙa 40, kafin ya taɓa kabureta rabin mutane sun watse. Aka ce ya buɗe da ƙarar injin yana tari, ya faɗi matsalar, gaisuwa ta biyo baya a jimla ɗaya.

2. Gangara a hankali ba abin damuwa ba ce, kowane bidiyo na yi. Rami na farat ɗaya shi ne abin bincike. A koma daƙiƙa goma kafin wurin, a karanta rubutun abin da aka faɗa a bidiyon da ƙarfi. Galibi maimaici ne ko an saki zance an kama wani.

3. Inda layin ya yi tudu, nan aka rabu. Wasu sun ce daɗi wurin ya yi, a matso da shi gaba. Wasu suka ce bayanin ne bai fita ba, shi ya sa ake maimaita kallo. Ni dai na fi karkata ga na biyun in wurin lissafi ne ko sunan kayan gyara.

4. Kada a yanke hukunci da kallo ƙalilan, kuma a riƙa gyara abu ɗaya a kowane sabon rubutu, don a san wanne ya yi aiki.